Ludayi: Yadda Ake Gina Labarin Yaron da Ya Ƙi Sunansa, Daga Baya Ya So Shi

Da wuya ka sami ajin firamare a ƙasar Hausa da babu yaron da sunansa na yanka ya ɓace a bakin abokansa. A rajista Haruna ne ko Sabi'u, amma da an tashi tara sai ka ji ana ƙwala masa kira da Gwangwani, ko Ɗantsako, ko Ƙosai. Wani ya yi kuka, wani ya yi dambe, wani ya kai ƙara wurin hedimasta. Bayan shekara ashirin sai ka tarar da sunan nan a rubuce a goshin shagonsa ko a bayan babur ɗinsa, kuma shi da kansa ya biya mai fenti. Abin da ya faru tsakanin kukan da fentin labari ne cikakke, kuma yana cikin waɗanda suka fi dacewa da gajeren labari, domin ba ya bukatar taurari da yawa, ba ya bukatar tafiya mai nisa. Yaro ɗaya, suna ɗaya, unguwa ɗaya, sun isa.

Sai dai labari ne mai yaudarar marubuci. Farkonsa na da sauƙi, ƙarshensa kowa ya san shi tun daga take, tsakiyarsa kuwa nan ake faɗuwa. Mai karatu ya riga ya san yaron zai so sunan. Abin da yake jira ya gani shi ne ta yaya, kuma ko zai yarda. Hujjar da zan kafa a nan guda ce: a irin wannan labari sunan ba ya canzawa ko da harafi ɗaya. Abin da ke canzawa shi ne bakin da ke faɗinsa, da abin da sunan ke tuna wa yaron. Marubucin da ya riƙe wannan ya gama rabin aiki.

Mu Hausawa muna da gata a wannan fage, domin suna a wurinmu ba ya zuwa shi kaɗai. Ranar bakwai a yanka rago a raɗa wa jariri suna, amma kafin ya yi wayo an riga an ɗora masa wasu. Ranar haihuwa ta ba shi Ɗanladi ko Ɗanjuma ko Balarabe. In mata ya biyo, Tanko ne. In tagwaye ya biyo, Gambo. In da yatsa shida ya zo, Cindo. In bayan rasuwar mahaifinsa aka haife shi, Audi. In sunan kakansa ya ci, alkunya ta hana a kira shi gatsau, sai ya koma Abba ko Baba. Akwai ma sunayen da ake zaɓa da gangan don muninsu. Matar da 'ya'yanta ke rasuwa tun suna jarirai, wadda ake kira mai wabi, takan bari a kira jaririnta Ajuji ko Ayashe, kamar ba ta damu da shi ba, alhali tsananin so da tsoron rabuwa ne suka sa. Ashe tun a gida mun saba da suna mai muni a waje wanda ƙauna ke ɓoye a cikinsa. Mai karanta Hausa ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Tarihi ma ya cika da misalai. Alhassan Ɗantata, attajirin Kano da ya rasu a 1955, sunan da zuriyarsa ke alfahari da shi yau ya samo asali ne daga Tata, matar da ta rene shi. Adamu Wayya, makaɗin kuntigi da ya rasu a 2015, duniya ba ta san shi da wani suna ba sai Ɗan Maraya Jos, sunan da ke shelanta rashin iyayen da ya yi tun yana ƙarami. Maraici ba abin dariya ba ne, amma hanyar ɗaya ce: kalmar da ta fara a matsayin alamar rauni ta zama tutar mai ita.

Aikin farko shi ne zaɓen sunan, kuma a nan nake roƙon marubuci ya tsaya ya yi tunani sosai, domin ba kowane sunan tsokana ne ke wankuwa ba. Sunan da ya taɓa nakasar yaro, ko launin fatarsa, ko asalin iyayensa, ba sunan ban dariya ba ne, zagi ne. Alƙur'ani a Suratul Hujurat, aya ta 11, ya hana jifan juna da miyagun laƙubba, kuma kowane malamin Islamiyya ya sha maimaita wannan wa ɗalibai. Labarin da ya ɗauki yaro mai ɗingishi ya sa ana kiransa da ɗingishinsa, sannan a shafi na ƙarshe ya yi murmushi ya ce ya saba, ƙarya ya yi wa yaran da za su karanta. Ya gaya wa masu tsokana su ci gaba, ya gaya wa wanda ake tsokana laifinsa ne da bai daure ba. Ana iya rubuta labarin irin wannan yaro, amma ƙarshensa daban ne: a can, masu kiran ne ya kamata su daina.

Sunan da ke aiki shi ne wanda wani abu da ya faru ya haifa, rana ɗaya, a gaban mutane. Yana da kyau ya zama sunan abu da ake iya riƙewa a hannu, domin abin zai iya sake shigowa labarin a wani yanayi. Kuma dole ya ba mai karatu dariya a karon farko. In mai karatu bai yi dariya tare da ajin ba, ba zai ji kunyar dariyar tasa ba a lokacin da ya gane abin da ta yi wa yaron, kuma wannan 'yar kunyar ita ce ke ɗaure shi da labarin har ƙarshe.

Bari mu gina ɗaya tare, daga tushe.

Tauraronmu Haruna ne, ɗan shekara tara, yana aji huɗu. Mahaifiyarsa na dama koko tana sayarwa da safe a ƙofar gida. Tun jiya ta jiƙa gero, aka kai inji aka niƙa da citta da kanumfari, ta tace, gasara ta kwanta ta yi tsami. Da asuba ta dama. Haruna ne ke zama gaban roba yana auna wa masu saye har sai rana ta ɗan ɗaga, sannan ya sa yunifom ya ruga makaranta. Kusan kullum a makare yake zuwa, kuma ba wanda ya san dalili a ajinsu, domin makarantar na wata unguwa. Ga yadda fitowar farko za ta iya kasancewa:

«Malam Sani ya ce kowa ya fito da rula. Haruna ya cusa hannu cikin jaka bai duba ba, ya ji abu mai tsawo, ya zaro ya ɗaga sama kamar yadda kowa ya yi. Ajin ya yi tsit. Wani ɗigon koko da bai gama bushewa ba ya gangaro daga bakin ludayin ya sauka a kan littafin lissafi. Daga bencin baya Nasiru ya ce, "Malam, a zuba mini na hamsin." Har Malam sai da ya juya ya fuskanci allo, kafaɗunsa na rawa.»

A duba abin da wannan 'yar fitowa ta ɗauka. Ba a ce Haruna ya ji kunya ba. Ba a ce iyayensa talakawa ne ba. Ɗigon koko ya faɗi duka. Malamin ma bai zama azzalumi ba, mutum ne da dariya ta ci ƙarfinsa, kuma wannan ya fi ciwo ga yaro fiye da bulala. Wanda ya raɗa sunan, Nasiru, yaro ne mai saurin baki kawai. Kada a mai da shi mugu mai baƙar zuciya. Yawancin sunayen tsokana ba daga maƙiya suke fitowa ba, daga mai barkwancin aji suke fitowa, wanda zuwa gobe ya manta shi ya fara.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, wanda masu koyo suka fi tsallakewa. Me ya sa sunan ke yi masa zafi? Ludayi ba zagi ba ne. Babu gidan da babu shi. Abin da ke ƙona Haruna shi ne sunan ya tona asirin da yake ɓoyewa: shi ɗan mai koko ne, kuma kafin ya zo aji sai ya yi ciniki. Duk sanda aka ce Ludayi, abin da kunnensa ke ji shi ne an ambaci sana'ar uwarsa a bainar jama'a. Ke nan matsalar labarin ta fi sunan zurfi. Yaron na jin kunyar gidansu, kuma yana jin haushin kansa da yake jin kunyar. Ba zai taɓa son sunan ba sai ya sasanta da abin da ke ƙarƙashinsa. Marubucin da bai san wannan ciwo na ƙasa ba, komai iya tsara maganarsa, zai ƙare da yaron da ya canza ra'ayi ba dalili, kawai don shafi ya ƙare. Shawarata ita ce kafin ka rubuta jimla ɗaya, ka amsa wa kanka wannan tambaya a gefen takarda: in an kira sunan, me yaron ke ji an ce?

Gajeren labari ba ya da filin ɓatawa. Gasar Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, ta saba neman labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga kowa. A cikin wannan tsawo ba za ka iya bin yaro kullum ba. Dabarar da ta fi sauƙi ita ce ka ƙirga sau nawa za a kira sunan a gaban mai karatu, ka tabbatar kowane kira daga baki daban ya fito, da niyya daban. Kira biyar ko shida sun wadatar. In biyu suka yi kama da juna, ɗaya ya zama kaya, a cire shi.

Kira na biyu na faɗa ne, kuma gajere ya kamata ya zama. Washegari a bakin famfo wani ya ce Ludayi, Haruna ya kai masa naushi, aka yi musu bulala su biyu. Kafin faɗan, ajinsu kaɗai ya san sunan. Bayan faɗan, har 'yan aji shida sun sani. Kowane yaro ya san wannan doka, sunan da ka nuna ba ka so shi ke bin ka. Jimla huɗu ko biyar sun isa, a wuce. Abu ɗaya kawai za a ƙara: da ya koma gida ya ce wa mahaifiyarsa shi ya daina zaman koko. Ita kuma ba ta yi faɗa ba, ta ce to. Washegari ya fito ya ga ƙanwarsa 'yar shekara shida a gaban robar, ludayin ya yi wa hannunta girma, tana zuba wa wani ya yi yawa wani ya yi kaɗan. Ya wuce bai tsaya ba. Mai karatu zai bi shi da wannan hoton har makaranta.

Kira na uku shi ne ginshiƙi, kuma a nan al'adarmu ta ba marubuci kyautar da ba kowa ke da ita ba, wato wasan kaka da jika. Kaka na da lasisin tsokanar jikanta da duk abin da ta ga dama, shi ma ya rama, ba wanda zai ce rashin kunya ne. Jikanta namiji mijinta ne a wasa, ta kira shi maigida, ta ce bai kawo cefane ba. Saboda haka ita kaɗai ce a duniya za ta iya ɗaukar sunan da ke sa shi kuka ta jefa masa, ya kasa yin fushi na gaske.

«Yana shiga ɗakinta ta ce, "A'a, maraba da maigida Ludayi."
Ya tsaya cak. "Iya, har ke?"
"Har ni. Ai labari ya iso tun jiya. To mene ne? Da Tukunya suka ce ai da na kai ƙara, don ba ka da cikinta."
Bai yi dariya ba. Ta miƙa hannu bayan gado ta jawo wani duma busasshe mai dogon wuya, ta girgiza shi, 'ya'yan ciki suka yi ƙara. "Ɗauko mini zarto wurin babanka. Yau sai ka ga inda sunanka ya fito."»

Daga nan sai aikin hannu, kuma a nan nake so marubuci ya zauna ya daɗe. Duman ludayi yaɗo yake yi a kan danga ko rufin bukka. Ana barinsa ya ƙosa ya bushe sarai, har in an girgiza a ji motsin 'ya'yansa. Sai a ja layi daga kan wuya zuwa gindi a raba shi biyu a tsaye, a hankali, domin in hannu ya karkace ɗaya ya yi zurfi ɗaya ya zama ba shi da amfani, in aka matsa kuma wuyan ya tsage. Duma ɗaya ludayi biyu yake bayarwa. A kankare tottuwar ciki, a jiƙa, a wanke, a sake wankewa, domin sabon ludayi na da ɗaci, wanda ya yi garajen sa shi a fura ya ɓata ta. Kaka ta bar Haruna ya riƙe zarton. Na farko ya tsage a hannunsa. Ta ba shi wani duman.

Ga tarkon da ke wannan wuri: jarabar sa wa kaka wa'azi a baki. Da ta buɗe baki ta ce, "Ka ga jikana, kai ma kamar ludayin nan kake, da ɗaci a farko," labarin ya mutu nan take. Mai karatu ya riga ya ga ɗacin da wankin, ya haɗa da kansa, kuma daɗin da ya ji na haɗawar shi ne ladan karatunsa. Kada a ƙwace masa. Kaka ta yi ta mitar zarto ba shi da kaifi, ta ba shi labarin yadda da kuɗin koko aka saya wa babansa keken farko, ta kore shi don lokacin sallarta ya yi. Ya fita da ludayi biyu da ya yi da hannunsa, bai san abin da zai yi da su ba. Har yanzu bai son sunan. Abin da ya samu kawai shi ne ya ji shi sau ɗaya daga bakin mai ƙaunarsa.

Wannan batu na baki yana da babban misali a tarihin Musulunci. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tarar da Sayyidina Ali yana kwance a masallaci, mayafinsa ya zame, ƙasa ta manne a jikinsa. Ya riƙa share masa ƙasar yana tashinsa, yana kiransa Abu Turab, wato mai turɓaya. Sahlu ya ce babu sunan da Ali ya fi so kamar wannan. Daga baya wasu sun riƙa faɗin laƙabin da nufin rage masa daraja, amma bai ragu ba, saboda bakin da ya fara faɗinsa da hannun da ya share ƙasar. Marubucin labarinmu ba sai ya ambaci wannan ba, amma ya kamata ya san shi.

Kira na huɗu ƙarami ne ƙwarai, kuma ni a ganina shi ne mafi gaskiya a dukkan labarin. Ana buga ƙwallo da yamma, ƙwallo na ƙafar Haruna, wani ya kutsa gaba yana ihu, "Ludayi, ba ni! Ba ni!" Ya ba shi. Sai da aka dawo tsakiya ya tuna da wane suna aka kira shi, kuma ya amsa. Wanda ya kira ba tsokana yake ba, bai ma tuna akwai wani ludayi na duma a duniya ba. Haruna uku ne a filin, wannan sunan ne ya fi saurin isa. Haka sunayen tsokana ke yi a rayuwa. Yawan faɗi na cinye dariyar da ke cikinsu, har su koma suna kawai. Kafin ƙi ya zama so, sai ya bi ta wannan mataki na ba-ruwana, kuma labarin da ya tsallake shi zai yi kamar an yanke masa wani yanki.

Saura ƙololuwa. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne jarumtaka. Yaro ya faɗa rijiya Haruna ya ciro shi, ko gobara ta tashi ya kashe, ko ya ci gasar kacici-kacici ta jiha, sai jama'a su ɗaga shi sama suna kiran sunan. Matsalar ita ce wannan nasara ba ta da dangantaka da sunan. Da Gwangwani ake kiransa ma haka za a ɗaga shi. Kuma saƙon da ke ciki mai nauyi ne ga yaro: ba za a daina yi maka dariya ba sai ka yi abin da ba kowa ke iyawa ba. Gwajin da nake ba da shawara mai sauƙi ne. Ka canza sunan da wani a fitowar ƙololuwa. In fitowar ta tsaya daram ba abin da ya lalace, to ba ta labarinka ba ce.

Abin da ake so shi ne ƙaramin abu wanda Haruna kaɗai zai iya, kuma ya iya shi ne saboda ainihin abin da yake jin kunya. Azumi ya kama. A masallacin unguwa ana kawo bokitin kunun tsamiya na sadaka kowace yamma, wani dattijo ke rabawa. Ran nan dattijon bai da lafiya, wani saurayi ya karɓa, ya cika wa na farko kofi har yana zuba, kafin a kai rabin layi bokiti ya ƙare, almajirai da 'yan ƙauyen da dare ya yi musu suka sha ruwa da ruwa. Washegari ladan na neman wanda zai raba. Nasiru ne, wanda ya raɗa sunan, ya ce, rabi wasa rabi gaske, "A ba Ludayi mana." Aka yi 'yar dariya. Haruna na da zaɓi: ya juya ya tafi, ko ya karɓa.

«Ya leƙa bokitin, ya dubi layin, leɓɓansa na motsi. Ya karkata bokitin kaɗan ya ga inda kunun ya tsaya. Sannan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da nasa ludayin, wanda wuyansa ya ɗan karkace.
"Bibbiyu ne," ya ce. "Kowa biyu. In ya ragu a sake zagayowa."
Wani babba ya miƙo kofi ya ce, "Ƙara mini ɗaya, yaro."
"Baba, ka yi haƙuri, na baya ba su samu ba."
Da ya zuba wa na ƙarshe, abin da ya rage a gindin bokiti bai fi ludayi uku ba. Ladan ya leƙa, ya dube shi, ya ce, "Kai, wannan kamun ludayi haka! Ɗan wane gida ne?"»

Tambayar ladan ita ce ƙofar da labarin ke nema tun farko. Idon da ya auna bokiti da layi a zaman koko ya samo shi, safiya bayan safiya. Yanzu an tambaye shi gidansu a gaban waɗanda yake ɓoye wa. Amsarsa ita ce ainihin juyin labarin, kuma gajeriya ce: "Gidan mai koko, na bayan injin niƙa." In marubuci ya yi aikinsa da kyau a baya, wannan jimla za ta yi nauyin da shafi guda na bayanin zuciya ba zai yi ba. A lura ba a yi tafi ba, ba a ɗaga shi sama ba, Nasiru bai zo ya nemi gafara da hawaye ba. An kira salla, kowa ya ajiye kofi ya shiga sahu.

Kira na ƙarshe daga bakin yaron kansa ya kamata ya fito, kuma ba tare da shela ba. Kada a sa shi ya tsaya gaban aji ya ce daga yau yana alfahari da sunansa. Yaro ɗan shekara tara ba ya magana haka, babba ma da wuya. A nemo masa dalili na yau da kullum. Bayan salla sabon malami ya zo yana kiran rajista, ya ce Haruna, yara uku suka amsa. Ya ce wanne ne Haruna Musa, biyu suka ɗaga hannu. Kafin kowa ya yi magana namu ya ce, "Malam, ni ne Ludayi." Wasu suka yi dariya, shi ma ya yi. Ana iya tsayawa a nan. Ana kuma iya ƙara safiya ɗaya, a nuna shi ya koma gaban robar koko yana koya wa ƙanwarsa yadda ake karkata hannu. Duka biyun na aiki, amma a zaɓi ɗaya. Labarin da ya ƙare sau biyu ya raunana kansa.

Akwai mutum ɗaya da bai kamata sunan ya fito daga bakinta ba ko sau ɗaya, ita ce mahaifiyarsa. Haruna ɗan fari ne, alkunya ta hana ta ko da sunansa na yanka. "Kai" take ce masa, ko "wannan yaron" in tana magana da wani. Ta san sana'arta ce aka yi wa dariya, ta san dalilin da ya sa ya bar zaman koko, ba ta ce komai ba. Marubuci mai haƙuri zai bar ta a haka, sai dai ya nuna wata safiya ta ajiye tsohon ludayinta ta ɗauki mai karkataccen wuyan nan tana aiki da shi. Irin wannan kawaici mai karanta Hausa na gane shi nan take, kuma in aka fassara shi da bayani sai ya lalace.

Kalmar da ke cikin batun, a hankali, ita ma tana bukatar dabara, domin kalma 1,500 ba su da yawa. Ba a nuna wucewar lokaci da cewa "bayan wata shida" a kan kowace fitowa. A bar yanayi ya yi aikin. Ludayin ya fito daga jaka da sanyin hunturu, lokacin da koko ya fi ciniki kuma tashin asuba ya fi wuya. Ƙwallo da ƙurar bazara. Rabon kunu da azumi. Sabon malami bayan hutu. Mai karatu zai ji watanni sun shuɗe ba tare da an ƙirga masa ba. Rabon kalmomin kuma kada ya zama daidai wa daida: fitowar kaka da ta masallaci su ci fiye da rabin labarin, faɗa da ƙwallo su ɗauki 'yan jimloli.

In an gama, a karanta shi da ƙarfi ga yara biyu ko uku masu shekarun Haruna, ana kallon fuskokinsu. Wurare biyu ake dubawa. In ba su yi dariya ba sa'ad da ludayin ya fito daga jaka, sunan bai yi ba ko fitowar ta yi tsawo, a sake ta. In kuma har suna ƙyalƙyala irin dariyar farko a lokacin da Nasiru ya ce a ba Ludayi rabo, to tsakiyar ba ta yi aikinta ba, domin zuwa wannan wuri ya kamata su koma bayan Haruna suna jiran su ga ko kunun zai isa. Gyaran galibi a fitowar kaka yake, ko a safiyar da ya wuce ƙanwarsa bai tsaya ba, sai a koma can a ƙara musu fili.